Idan aka ba ka taƙaitawa, ba a ba ka alƙalanci ba

'Yan uwa ɗalibai da ke karatu a nan Kudu, musamman masu digiri na biyu da 'yan ajin ƙarshe da suka fara rubuta furojet, wannan rubutun naku ne. Yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare.

Kun san yadda muke yi idan jarabawa ta matso. Malami ya jibga maƙaloli ashirin, ba mai iya karance su duka, sai a raba: kowa ya ɗauki biyu ko uku, ya taƙaita, ya jefa a guruf. Tsari ne mai kyau, ni ma da shi nake rayuwa. Amma akwai abin da ba mu cika lura da shi ba. Mutum goma sha tara za su shiga jarabawa ba su taɓa ganin maƙalar ba, abin da ka rubuta shi ne maƙalar a wajensu. Idan ra'ayinka ya zurara ciki, su ba su da yadda za su bambance wanne ne na marubucin, wanne ne naka. Za su rubuta shi a takardar amsa da sunan marubucin, malamin da ya karanta asalin kuma ya ja musu jan biro.

Zan yi misali da maƙala ɗaya da duk mai karanta fannin muhalli, tattalin arziki ko raya karkara sai ya haɗu da ita, kuma na zaɓe ta ne saboda tana taɓa mu 'yan Arewa a inda yake mana ciwo. Maƙalar Garrett Hardin ce, wadda ta fito a mujallar Science a watan Disamba na 1968, kan masifar da ke afka wa dukiyar da kowa ke da hannu a cikinta. Ba ta da tsawo, shafi shida ce ko kusa da haka. A cikinta akwai shahararren misalin nan na makiyaya: fili ne na kiwo a buɗe ga kowa, kowane makiyayi in ya ƙara dabba ɗaya ribar tasa ce shi kaɗai, ɓarnar da ƙarin ya jawo wa ciyawa kuwa a kan kowa take rabuwa. Don haka lissafi yana gaya wa kowannensu ya ƙara, ya sake ƙarawa, har filin ya mutu.

To ku duba inda muke zaune. Jihar Binuwai ta yi dokar hana kiwon sake a 2017, gwamnonin Kudu sun haɗu a Asaba a watan Mayu na 2021 sun ɗauki irin wannan matsayar. A aji irin namu, da zarar an ce makiyayi, idanuwa sun juyo kan ɗan Arewa ko da shi ɗan Fagge ne bai taɓa riƙe sandar kiwo ba. Wanda zai taƙaita Hardin a cikin wannan yanayin, ko ɗan ina ne, da zafinsa yake zuwa.

Na ga taƙaitawa iri biyu na wannan maƙalar a tsakanin ɗalibai. Ba zan faɗi sunan kowa ba, kuma na mayar da su Hausa, amma ga yadda suke. Ta farko, daga wani ɗan uwa namu:

"Hardin, wani Bature da bai san kiwo ba, ya yi iƙirarin wai makiyaya mutane ne masu son kai da ba sa iya tsara kansu, don haka a ƙwace filayen kiwo a ba masu kuɗi. Tuni Ostrom ta rusa wannan tunanin."

Ta biyu, daga wani abokin karatu ɗan nan yankin:

"Hardin ya tabbatar da cewa kiwon sake yana lalata ƙasa, kuma babu mafita sai gwamnati ta haramta shi, kamar yadda muke gani yau a Najeriya."

Duk su biyun sun karanta maƙalar, ba shakka. Kuma idan ka tsare su, kowa zai nuna maka layin da ya dogara da shi. Amma ka ba mutum waɗannan biyun ba tare da suna ba, zai rantse maƙaloli biyu ne daban.

Mu fara da ƙaramin abu, wato kalmar da ake kawo maganar mutum da ita. Na farko ya ce "ya yi iƙirarin wai". Na biyu ya ce "ya tabbatar". Mu Hausawa mun san aikin "wai". Kana iya kawo maganar mutum daidai, harafi da harafi, amma ka sa mata "wai" a gaba, shi ke nan ka gaya wa mai sauraro kada ya yarda. "Iƙirari" ma haka, "ya riya" ma haka. A ɗaya gefen, "ya tabbatar", "ya gano", "ya fallasa", "ya nuna a fili" duk suna nufin kai ka riga ka yarda, kana kuma so a yarda. Akwai wata mai wayo, "ya amsa cewa", wadda ke sa marubuci ya zama kamar wanda aka ritsa a ofishin 'yan sanda. Kalmomin da ba su da gefe kaɗan ne: ya ce, yana ganin, ya kawo hujjar cewa, ya ba da shawarar, ya kammala da cewa. Suna da gundura, na sani. Za ka ji kana maimaita "ya ce" har ka gaji, sai ka so canzawa don rubutu ya yi armashi, kuma a wajen canzawar ne ra'ayi ke samun ƙofa. A Turancin da muke rubuta asayimen da shi ma haka abin yake, kowace daga cikin waɗannan tana da 'yar uwarta a can.

A nan "ya tabbatar" ɗin ma ba gefe kawai ta ɗauka ba, ta saɓa wa abin da ke cikin takardar. Hardin bai je wani fili ya ƙirga shanu ko ya auna ciyawa ba. Misali ne na tunani, wanda ya samo tushensa daga wani Baturen Ingila, William Forster Lloyd, da ya yi rubutu a 1833. Wanda ya ce an tabbatar ya mayar da misali ya zama binciken fili.

Amma wannan duk mai sauƙi ne, in ka sake karantawa sau ɗaya za ka kama su. Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne rabon wuri, kuma a nan nake so mu ɗan zauna.

Ku sake duba taƙaitawar nan biyu. Sun yi hannun riga a komai, amma sun haɗu a abu ɗaya: dukkansu sun ɗauka maƙalar kan kiwo take. Alhali ba haka ba ne. Maƙalar Hardin kan yawan al'umma take. Mutumin masanin halittu ne, damuwarsa ita ce mutane suna ƙaruwa a duniyar da ke da iyaka, kuma yana ganin wannan matsala ce da fasaha ba za ta warware ta ba. Labarin makiyaya 'yan sakin layi ne kawai a tsakiya, tsani ne ya taka don ya hau inda zai je. Bayan shi ya kawo kamun kifi a teku, da gandayen shaƙatawa na Amurka, da zubar da ƙazanta a ruwa da iska. Sannan ya isa inda ya nufa tun farko: cewa barin kowane iyali ya haifi yadda ya ga dama shi ma irin wannan buɗaɗɗen filin ne, cewa roƙon mutane su yi aiki da lamirinsu ba zai yi ba, sai dai tilastawa wadda mafi yawan waɗanda abin ya shafa suka amince da ita a tsakaninsu. Ko makiyayan da ya ambata na zahiri, masu shanu ne a yammacin Amurka da ke kiwo a filayen gwamnati. Najeriya ba ta cikin maƙalar.

Me ya sa su biyun suka ba kiwo duka wurin, suka bar yawan al'umma ko kalma ɗaya ba ta samu ba? Saboda kiwo ne ke damun su. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, abin da ya yi musu ƙara a kunne shi suka ɗauko. Wannan shi ne ra'ayin da ke shiga ba tare da kalma ko ɗaya ta ra'ayi ba. Kana iya wanke rubutunka tas daga "wai" da "iƙirari", amma in ka ba abin da marubuci ya yi wa sakin layi uku rabin taƙaitawarka, ka bar abin da ya yi wa shafi uku, ka riga ka sauya masa magana.

Abin da nake yi a kan wannan ba wani sirri ba ne. Kafin in rubuta komai, ina bin maƙalar da fensir, kowane sashe in rubuta a gefe, cikin kalma biyar ko shida, me yake yi. Ba me na ji game da shi ba, me yake yi: nan yana gabatar da matsala, nan yana kawo misali, nan yana amsa masu suka, nan yana ba da mafita. In na gama sai in rufe maƙalar in kalli jerin. Idan an ce kalma 150 ake so, sai in raba su gwargwadon yadda shi ya raba nasa shafukan, da ɗan fifiko ga abin da ya buɗe da shi da abin da ya rufe da shi, don a nan marubuci ya fi faɗin abin da ya kawo shi. A maƙalar Hardin, wannan rabon zai ba makiyaya jimla ɗaya ko biyu, ba fiye ba.

Sai maganar ƙarfin zance. Marubuta na ilimi suna kewaye maganarsu da sharuɗɗa, mai taƙaitawa kuma abu na farko da yake yankewa don ya rage tsawo shi ne sharaɗin. Hardin da kansa ya ce irin wannan tsarin na fili ɗaya yana iya tafiya lafiya ƙalau na ɗaruruwan shekaru, muddin yaƙi da cuta da makamantansu suna riƙe yawan mutane da dabbobi ƙasa da abin da filin zai iya ɗauka. Matsalar a wajensa tana farawa ne idan an samu zaman lafiya, adadi ya kai iyaka. Na biyun nan ya jefar da wannan sharaɗin, sai zancen ya koma "kiwon sake yana lalata ƙasa", ko yaushe, ko ina. Na farkon shi kuma ya ƙara gishiri ta wata fuskar: Hardin bai zagi makiyayi da son kai ba, cewa ya yi mutum mai hankali da lissafi haka tsarin zai tura shi ya yi. Laifin a kan tsarin ya ɗora shi. Hasali ma kalmar da muke fassarawa da masifa, ya bayyana cewa yana nufin abin da ke tafiya babu makawa, ba abin baƙin ciki kawai ba. Haka batun mafita: mallakar mutum ɗaya tana cikin abin da ya kawo, amma ya kawo haraji, da ƙayyade masu shiga, da doka. Wanda ya ce "a ba masu kuɗi" ya zaɓi wadda ta fi ba shi haushi, wanda ya ce "gwamnati ta haramta" ya zaɓi wadda ta fi yi masa daɗi.

Alamar da za ka gane wannan a rubutunka ita ce kalmomi irin su "duk", "kullum", "babu mafita sai", "kawai". In ka gan su, koma asalin ka duba ko shi ma haka ya faɗa da wannan ƙarfin.

Ga yadda nake ganin taƙaitawar za ta kasance in an bi waɗannan:

"Hardin (1968) yana ganin ƙaruwar al'umma matsala ce da fasaha ba za ta warware ba. Ya kawo misalin filin kiwo da ke buɗe ga kowa, inda ribar ƙarin dabba ta mai ita ce, ɓarnar kuma ta kowa, don ya nuna cewa idan adadi ya kai iyakar abin da fili zai ɗauka, lissafin da ya dace da mutum ɗaya yana kai jama'a ga asara. Ya faɗaɗa wannan zuwa teku, gandaye da gurɓatar muhalli. Ya ce kira ga lamiri ba zai wadatar ba, ya ba da shawarar tilastawar da jama'a suka amince da ita, kamar haraji, doka ko mallaka. Ya kammala da cewa dole a bar 'yancin haihuwa ba iyaka."

Ku lura da jimlar ƙarshe. Da yawanmu ba za mu yarda da ita ba, ni ma ban yarda ba, kuma ga mai taƙaitawa akwai jarabawa iri biyu a nan. Ɗaya ita ce ka sa mata "wai". Ɗayar ita ce ka tausasa ta, ka ce "ya ja hankali kan muhimmancin tsara iyali", don kada ta yi wa mutane nauyi. Wannan ta biyun kama take da ladabi, amma ita ma sauya magana ce. Mutumin bai ja hankali ba, cewa ya yi a tilasta, har ya fito ƙarara ya ƙi amincewa da matsayar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta bar wa iyali zaɓin yawan 'ya'yansu. In ka rufa masa asiri, ka hana abokan karatunka sanin ainihin abin da za su soka. Rashin ɗaukar gefe ba ya nufin a mayar da kowace magana ruwan sanyi.

Saura batun Ostrom da ɗan uwanmu ya liƙa a ƙarshen tasa. Gaskiya ne Elinor Ostrom ta fitar da littafi a 1990 inda ta kawo al'ummomin da suka daɗe suna sarrafa dukiyar haɗaka da dokokin kansu, irin su makiyayan ƙauyen Törbel a Suwizalan da manoman rani na yankin Valencia a Sifen, kuma ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009. Shi Hardin ma daga baya ya ce abin da ya kamata ya kira shi ne dukiyar haɗakar da ba ta da mai tsara ta. Kuma mu da muka san burtali da mashaya, muka san aikin arɗo, muka san Jihar Arewa ta yi dokar keɓe gandayen kiwo tun 1965, muna da abin faɗa da yawa kan ko filin kiwo a wajenmu ya taɓa zama buɗe ga kowa ba ƙa'ida. Wannan duk hujja ce mai ƙarfi, ni kaina a can na fi karkata. Amma ba ta cikin maƙalar 1968. Wurinta daban. Ka ja layi, ka rubuta "sharhina", sannan ka zuba duk abin da ke ranka, har ka fi taƙaitawar tsawo in ka so. Ba wanda ya hana ka ra'ayi, malamai ma a matakin mastas shi suke nema. Abin da ake so shi ne mai karatu ya san daga ina muryar marubuci ta tsaya, taka ta fara. Kuma ko a sharhin, "ta rusa" hukunci ne. Abin da za ka iya karewa a gaban malami shi ne ta nuna sakamakon da Hardin ya zana ba dole ba ne a ko'ina.

Haka in ka ƙara misali don a gane. A ce ka rubuta: makiyaya goma ne, ƙarin saniya ɗaya zai kawo wa mai ita dubu 100, ɓarnar da za ta yi ta kai dubu 150, amma in an raba goma nasa kason dubu 15 ne, don haka zai ƙara. Misalin yana taimakawa ƙwarai, amma Hardin bai kawo waɗannan alƙaluman ba, shi da ɗaya da ɓangaren ɗaya ya yi nasa lissafin. Ka rubuta a gefe cewa misalin naka ne, kada wani ya kwashe shi ya kai wa malami da sunan Hardin. Kada kuma ka mayar da "makiyayi" ya koma "Bafulatani" don a fi ganewa. Da wannan kalma ɗaya ka ɗauko maƙalar daga inda take ka dasa ta a tsakiyar rigimarmu.

Wani zai ce, ai ba a taɓa rabuwa da ra'ayi gaba ɗaya, tunda zaɓen abin da za a bari da wanda za a zubar ma hukunci ne. Haka ne. Mutum biyu masu gaskiya za su taƙaita abu ɗaya su ɗan bambanta. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin ɗan bambancin nan da waɗancan biyun da na kawo a sama, kuma ana iya auna ta. Gwajin da na fi yarda da shi a nan Kudu yake da sauƙin yi, don Allah Ya haɗa mu aji ɗaya da mutanen da ba mu ga abu iri ɗaya. Ka ba taƙaitawarka ga mutum biyu, ɗaya wanda ka san yana goyon bayan marubucin, ɗaya wanda ka san yana adawa da shi. Kada ka tambaye su ko ta yi kyau, za su ce ta yi. Ka tambaye su: daga wannan rubutun, wane gefe kake ganin nake? In dukkansu suka canka daidai, akwai inda ya zurara, ka sa su nuna maka kalmar da ta tona ka. Yawanci ba ta wuce ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa irin su "har ma", "ko da yake" da "amma" ne. Ku gwada wannan: "Ya kawo mafita, amma misalinsa na tunani ne", da kuma "Misalinsa na tunani ne, amma ya kawo mafita". Bayani ɗaya ne, sai dai duk abin da ya zo bayan "amma" shi ne ya ci.

In ba ka samu mutum biyun ba, ka ɗauka marubucin ne zaune kusa da kai a laburare yana leƙen takardarka. Ba sai ya ji daɗi ba. Tambayar ita ce ko zai ce eh, abin da na faɗa ke nan, ko kuwa zai ɗora yatsa a wani layi ya ce wannan ba ni ba ne.

Masu raba karatu a guruf, ina roƙon mu riƙa sa lambar shafi a gaban kowace babbar magana da muka jingina wa marubuci. Minti biyu ne aikin, kuma wanda ya yi shakka zai iya buɗe shafin ya gani da idonsa kafin ranar jarabawa.